Tsinke 50 na wata uku: yaushe ya fi dacewa in huda yatsa?

Malam Habu Tela:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga. Ina shan metfomin safe da dare, da gilibenkilamaid ƙwaya ɗaya da safe. Al'adata ita ce da na dawo daga sallar asuba, kafin in sa komai a baki, sai in gwada sugan jinina. Kullum abin da na'ura ke nunawa tsakanin 110 ne da 128, hankalina kwance. Makon jiya na je ganin likita aka yi mini gwajin nan na wata uku, HbA1c, ya fito 8.6. Likita ya ce suga ya yi yawa. Na nuna masa littafina, ya ce duk gwajin asuba ne, in riƙa gwadawa a wasu lokuta. Layi ya yi tsawo, ban samu na yi tambaya ba.

Ga matsalar. Yadda tsinken gwaji ya yi tsada yanzu, gwangwani ɗaya mai guda 50 kawai zan iya saya daga nan zuwa komawata asibiti, wata uku ke nan. Ga kuɗin makarantar yara ga cefane. Don Allah masu sani, yaya zan raba 50 ɗin nan?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, shekarata goma sha huɗu da wannan ciwo. Gwajin safe kafin karin kumallo shi ne gwaji, shi likitoci ke tambaya in ka je. Ka riƙa yi rana ɗaya ka tsallake ɗaya, zai kai ka.

Maman Ilham:
Akwai masu araha a kasuwa, ana sayar da su ɗaiɗai a leda ba sai ka sayi gwangwani ba. Wata maƙwabciyata ma ta ce ana iya tsaga tsinke biyu da reza.

Sista Rabi:
Maman Ilham, don Allah ki faɗa wa maƙwabciyarki ta bari. A bakin tsinken akwai sinadari da siraran layukan lantarki da aka auna wa ɗigon jini daidai. In aka tsaga, ko dai na'ura ta ƙi karɓa, ko ta ba da lambar ƙarya, wadda ta fi rashin gwajin haɗari. Na leda kuma iska da laima sun riga sun shige su. Murfin gwangwanin da jikinsa an yi su ne don su tsotse laima, shi ya sa ake cewa a rufe da zarar an ciri ɗaya.

Malam Habu, ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren masu suga, kuma irin littafinka ina ganinsa kowane mako. HbA1c na 8.6 yana nufin in aka haɗa sugan jininka na dare da rana aka raba, yana wajen 200. Kai kuma da asuba kana ganin 120. Na'urarka ba ƙarya ta yi ba, gwajin asibiti ma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ke nan shi ne akwai sa'o'i da yawa a yini da sugan ke haura 200 sosai, kai kuma ba ka taɓa leƙawa a lokacin ba. Tsinke 50 ka kashe kana yin tambaya ɗaya, ana ba ka amsa ɗaya.

Alhaji, gwajin safe yana da amfaninsa, yana nuna yadda jiki ya kwana. Amma na Malam Habu ya riga ya san shi. Ko sau ɗaya a mako ya duba ya isa ya tabbatar bai sauya ba.

Alhaji Garba:
To Sista, ni dai da shi aka saba mini. Amma na ji bayaninki.

Malam Habu Tela:
Sista na gode. To wane lokaci zan koma? Bayan cin abinci?

Sista Rabi:
Bayan cin abinci, amma ba shi kaɗai ba. A haɗa shi da na kafin ci. Ka gwada daf da za ka fara cin abinci, ka duba agogo, in awa biyu ta cika daga lomar farko ka sake gwadawa. Daga lomar farko ake ƙirga, ba daga wanke hannu ba. Dalilin haɗawar: in ka ga 230 bayan tuwo kawai, ba ka san ko daga 120 ya tashi ba ko daga 200. In daga 120 ne, tuwon ne ya ɗaga shi. In daga 200 ne, matsalar tun kafin tuwon take, sai a nemi abin da ya faru da rana. Tsinke biyu a rana ɗaya ta wannan hanya sun fi biyar da aka warwatsa ba tsari.

Abin da aka fi sa wa manya marasa juna biyu a gaba shi ne 80 zuwa 130 kafin ci, da ƙasa da 180 bayan ci. Likitanka zai iya sassauta maka ko ya matse gwargwadon shekarunka da lafiyarka.

Da ni ce da 50 ɗin nan, ga yadda zan yi. Guda 10 in ware su a raina, ba na taɓa su sai ranar da jiki ya rikice: zazzaɓi, amai, rawar jiki, ko fitsari da ƙishirwa sun yi yawa. Guda 20 in kashe su a mako biyun farko, ba tare da jin ciwon kashewar ba, domin nan ne za a gano inda ɓarakar take. Yau karin kumallo kafin da bayan, jibi abincin rana, bayan kwana biyu na dare, a yi ta zagayawa. Kuma ka lura, duk ranar da ka yi na karin kumallo, gwajin asubanka ya shigo ciki kyauta. Ragowar 20 su ne na sauran makonnin, kamar biyu a mako, a kan abincin da ya fi ba ka matsala, ka rage 'yan kaɗan na makon komawa asibiti don likita ya ga sabon abu.

Sai abu ɗaya da nake so ka amsa mini. Gilibenkilamaid yana iya saukar da suga ƙasa da kima. Ka taɓa jin rawar hannu, zufa, ko yunwa mai tsanani kafin azahar?

Malam Habu Tela:
Wallahi Sista kamar kina shagon. Ranakun da ɗinki ya yi yawa, musamman gabanin sallah ko biki, nakan sha maganin da ruwan shayi kawai in hau keke. Wajen sha biyu sai in ji zare ya ƙi shiga allura, hannu na karkarwa, gumi na tsattsafo mini a goshi ko da fanka na juyawa. Sai in aiki yaro ya sayo mini lemon kwalba da burodi, in sha in ji na dawo. Na ɗauka gajiya ce da yunwa.

Sista Rabi:
To wannan lokacin ya fi kowane lokaci cancantar tsinkenka. A cikin 20 ɗin farko ka ware huɗu na kafin azahar, musamman ranar da karin kumallo bai yi nauyi ba. In ka ga ƙasa da 70 suga ya sauka. Ka sha suga cokali babba ɗaya a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ka jira minti 15, in da hali ka sake gwadawa, sannan ka ci abinci na gaske. Wannan maganin yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa bayan ka ji sauƙi. Kuma daga yau kada ka sake shan sa ba ka karya ba.

Abdu na Maraɗi:
Gafara dai, ni lissafinku ya ɗaure mini kai. Takardar da aka ba ni a likita nan Maraɗi 1,40 aka rubuta, ku kuma kuna zancen 120 da 200. Nawa ya yi ƙasa ke nan ƙwarai?

Sista Rabi:
A'a Malam Abdu, ma'auni ne ya bambanta. A Nijar an fi rubutawa da g/L. Ka ninka da 100, 1,40 ɗinka shi ne 140 a mg/dL da muke magana da shi. In da azumin safe aka ɗauka, ya ɗan haura. Akwai kuma na'urorin da ke nuna mmol/L, za ka ga 6.5 ko 9.0, waɗannan a ninka da 18. Kowa ya duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar a na'urarsa.

Usman Direba:
Ni ina da ja a kan maganar awa biyu. Na taɓa gwada kaina bayan na sha fura da suga. Awa ɗaya 255, awa biyu 176. Da na awa biyu kawai na yi sai in ce lafiya lau. Ina ga awa ɗaya ya fi tona asiri.

Sista Rabi:
Kana da gaskiya a kan abin sha da abin da ke narkewa da sauri, koko, kunu, fura mai suga, lemo. Suna hawa da wuri su sauko da wuri. Abinci mai mai da nama da wake kuma yakan yi jinkiri. Ni na fi son awa biyu ga mai ƙarancin tsinke saboda yana nuna ko jiki ya iya dawo da sugan, kuma da shi yawancin likitocinmu suka saba kwatantawa. Abin da ba na so shi ne yau awa ɗaya, gobe awa uku, a zo ana gwama su.

Usman Direba:
Ni dai zan ci gaba da awa ɗaya a kan koko da fura. Kuma wani lokacin da ba na wasa da shi: kafin in ɗauki hanya mai nisa. Ina kan insulin, fasinja goma sha takwas a bayana. Ko tsinke ɗaya ya rage mini, na tasha ne kafin in tayar da mota. Dabino da suga kullum suna aljihun ƙofa.

Hajiya Binta:
Ni metfomin kaɗai nake sha, kuma gwajina na wata uku 6.9 ne. Likitata ta ce ba sai na riƙa huda yatsa kullum ba. Wata biyu ban gwada ba. Malam Habu, ka huta da kashe kuɗi, ka tara na gwajin wata uku kawai.

Sista Rabi:
Hajiya, shawarar ta dace da ke, ba ta dace da shi ba. Metfomin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga, kuma naki ya daidaita. Shi yana shan maganin da ke faɗarwa, kuma nasa bai daidaita ba. HbA1c matsakaici ne kawai: mai 60 da rana da 300 da dare zai iya fitowa da lamba ɗaya da mai 180 dare da rana. Sannan a nan ƙasar tamu a tuna cewa mai sikila, mai ƙarancin jini, da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, wannan gwajin na iya yaudararsu. Su gwajin yatsa ya fi muhimmanci gare su.

Hajiya Binta:
Na fahimta. Amma har yanzu ina ganin mutane da yawa irina suna ɓarnar kuɗi saboda tsoro.

Maman Sadik:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗana shekararsa tara, ciwon suga nau'i na ɗaya gare shi, allurar insulin mai gauraye safe da yamma. Duk wannan tsari na biyu a mako, karanta shi nake ina hawaye, don mu a rana ɗaya muke cinye abin da Malam Habu zai yi mako biyu da shi. Akwai daren da na tashi ƙarfe uku na taɓa shi na ji rigarsa sharkaf, ina kiran sunansa yana kallona bai gane ni ba. Tsinke biyu suka rage a gidan. Na gwada, 48. Na jiƙa suga na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tunda yana iya haɗiya, har ya fara kuka. Tun ranar ba na barin gwangwani ya kai ƙasa. Sista, in wata ya yi nisa kuɗi sun ƙare, wanne zan riƙe wanne zan saki?

Sista Rabi:
Maman Sadik, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki. Duk abin da na faɗa a sama ba na Sadik ba ne, kada ki ɗauka. Yaro mai nau'i na ɗaya yana buƙatar gwaji sau huɗu ko fiye a rana, kuma ba zan ce miki ƙasa da haka ya isa ba, don bai isa ba. In an shiga matsi na 'yan kwanaki, waɗanda ba a saki su ne na kafin kowace allura da na kafin barci, sai duk lokacin da ya canza miki ko ba shi da lafiya. Na bayan cin abinci su ake fara sakewa. Allurar yamma ita ke aiki cikin dare, shi ya sa na kafin barci ke da nauyi, musamman ranar da ya buga ƙwallo ko bai ci tuwon dare sosai ba. Ranar irin wannan, na tsakar dare ma ya cancanta.

In alamun saukar suga sun bayyana kuma babu tsinke, kada ki tsaya nema, ki ba shi zaƙi. In ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi a gefe a tafi asibiti. In kuma na'ura ta rubuta HI, wato suga ya haura abin da take iya aunawa, ko yana amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, wannan ma asibiti ne nan take, kuma ba a daina insulin don yaro ya ƙi cin abinci sai da maganar likita. Ki faɗa wa likitan yara halin da kike ciki ƙarara, ki tambaya ko asibitin na da tallafin kayan gwaji na yara.

Maman Sadik:
Na gode Sista. Zan tambaya ranar Talata in sha Allah.

Alhaji Garba:
Allah ya ba yaro lafiya. Wani abu da ni ma zan ƙara daga abin da ya same ni. Na taɓa barin na'ura da gwangwani a cikin mota a watan Afrilu, rana ta gasa su. Bayan nan lambobi suka riƙa fitowa barkatai, na zubar da kusan rabi. Yanzu a ƙasan durowa nake ajiyewa, ɗakin da rana ba ta bugu.

Sista Rabi:
Wannan gaskiya ne Alhaji. Yawanci an rubuta a jikin kwalin kada zafi ya wuce wajen digiri 30, motar da aka rufe a bazara kuwa ta wuce nan nesa. Kada kuma a sa a firiji. Malam Habu, tunda wata uku za ka ja gwangwanin, ka duba ranar lalacewa kafin ka biya, ka kuma karanta takardar ciki, wasu kamfanonin suna ƙayyade watannin da za a yi amfani da shi bayan an buɗe.

Hanyoyin asarar tsinke da na fi gani biyu ne. Mutum ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino, ya gwada bai wanke hannu ba, ya ga 300 ya firgita. A wanke da sabulu a bushe sosai. Sai mai sake gwaji don bai ji daɗin lambar ba: ya ga 150, ya sake ya ga 139, ya sake na uku. Na'urar gida an yarda ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100, don haka 150 da 139 abu ɗaya ne. A sake kawai in lambar ta saɓa wa yadda jiki ke ji. Kuma ka fito da ɗigon jinin ya taru tukuna kafin ka kai tsinken, ka huda gefen yatsa ba tsakiya ba.

Malam Habu Tela:
Jama'a na dawo bayan mako biyu, na kashe 20 kamar yadda Sista ta ce. Ga abin da ya fi jan hankalina.

Koko da suga da rabin burodi: 121 kafin, 247 bayan awa biyu. Wata rana koko rabin kofi ba suga da ƙosai biyar da dafaffen ƙwai: 116, ya koma 168. Abincin rana shinkafa da wake, 132 zuwa 214. Na dare shi ya fi tayar mini da hankali. Tuwon shinkafa malmala biyu, 154 zuwa 281, kuma a haka nake kwanciya shekara da shekaru, asuba ta yi in ga 120 in ce alhamdu lillahi. Da na gwada malmala ɗaya ta tuwon dawa da miyar kuka da yawa, na taka zuwa masallacin can bakin titi na yi isha'i na dawo, 149 zuwa 193.

Kafin azahar kuma, ranakun da na karya sosai 104 da 97. Sau biyu aiki ya sha kaina na ɗan taɓa abu kaɗan kawai, na samu 66 da 61. A na 61 hannuna na rawa har sai da yaron shago ya riƙe mini na'urar.

Usman Direba:
Ka gani ko. 281 kana barci a kai.

Sista Rabi:
Malam Habu, wannan shafi ɗaya ya fi littafin da ka cika a baya. A daren 193 ka sauya abu uku a tare, yawan tuwo, irin tuwo, da tafiya, don haka ba mu san wanne ya fi aiki ba. Tsinkenka biyu na mako mai zuwa ka sa su a nan: malmala ɗaya ta tuwon shinkafa, komai kamar da. Mako na gaba ka sauya wani abu ɗaya. Ka kuma lura kafin abincin dare ma kana wajen 150, wato na rana bai gama sauka ba ko akwai abin da ake taɓawa da la'asar.

Amma 61 da 66 ba za su jira wata uku ba. Ka koma asibiti cikin makon nan da takardar a hannunka. Likitan da ya ga 8.6 kawai zai iya tunanin ƙara maka gilibenkilamaid, wanda zai sa faɗuwar rana ta fi haka muni. In ya ga 61 kafin azahar da 281 da dare, lissafinsa zai sauya, wataƙila ya rage shi, ko ya canza maka wani, ko ya gyara metfomin. Kada ka ƙara ko ka rage da kanka. Ka yi masa maganar azumi tun yanzu ma, don wannan maganin da azumi sai an tsara. Huda yatsa ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce a karya azumin in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Malam Habu Tela:
Da la'asar nakan sha shayi mai madara da abokan shago, na manta ban rubuta ba. Zan sa shi a littafin. Na samu kati na ranar Alhamis. Gwajin 61 da sakewarsa a cikin 20 ɗin suke, goman ajiya ban taɓa ba.

Maman Ilham:
Sista, ni ciki gare ni wata shida, an ce suga ya ɗan hau. Ni ma biyu a mako zan yi?

Sista Rabi:
A'a Maman Ilham, ko kusa. Mai juna biyu lambobinta daban ne kuma sun fi matsi: ƙasa da 95 da asuba, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan ci, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu, kuma gwajin kullum ne har a haihu. Yaushe ne awonki na gaba, kuma an ɗora ki a kan magani ko abinci kawai aka ce ki gyara?